Mita Ɗaya, Ɗakuna Biyar: Ƙirga Kaya Ba Shi Ne Adalci Ba

A gidajen haya na Nima da Maamobi, da sauran zangunan birnin Accra, akwai rigimar da kusan ba ta tsallake wata, wato rigimar kuɗin wuta. Gida ne mai tsakar gida ɗaya, ɗakuna a jere sun kewaye ta, kowane ɗaki da iyalinsa, amma mitar kamfanin wutar lantarki na ƙasar Ghana, ECG, guda ɗaya ce rak a jikin bangon ƙofar gida. Tun da aka maye gurbin tsofaffin mitoci da irin waɗanda ake saka wa kuɗi kafin a sha wuta, rigimar ta ƙara zafi. A da takardar biya ce ke zuwa bayan an sha, ana iya jan ƙafa ana gardama har mako biyu. Yanzu kuwa da kuɗin mita ya ƙare, gida ya yi duhu nan take, ko da tsakar dare ne, kuma duhun bai san wanda ya biya da wanda ya ƙi biya ba.

Hanyar da yawancin gidaje suka runguma don kashe wannan wuta ita ce rabon maki. Ana shiga ɗaki-ɗaki a ƙirga kayan lantarki, a ba kowane abu makinsa: ƙwan fitila maki ɗaya, fanka biyu, talabijin biyu, firiji uku, haka dai, kowane gida da nasa ma'aunin. Sai a tara makin gidan gaba ɗaya, a raba kuɗin wata a kansa, kowa ya biya gwargwadon makinsa. Dabara ce mai sauƙi, kuma ta fi rabon daidai-wa-daida da wasu gidajen ke yi, inda mai ƙwai ɗaya da mai firiji biyu ke ba da kuɗi iri ɗaya. Amma sauƙinta ya rufe wa mutane ido daga aibinta. Maki na ƙirga abin da mutum ya mallaka ne, ita kuwa mita tana ƙirga abin da ya sha. Tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai faɗi, kuma a cikin tazarar nan ne ake cutar mai ƙaramin ƙarfi ba tare da kowa ya yi niyya ba.

Mita ba ta san sunan kaya ba. Abu biyu kawai take gani: ƙarfin da abu ke ja, da tsawon lokacin da ya yi yana ja. Ƙarfin ana auna shi da wat, kuma galibi a rubuce yake a gindin kayan ko a bayansa. Idan aka ninka wat da yawan awowin da abu ya yi a kunne, aka raba da dubu, abin da ya fito shi ne yunit, wanda shi kamfani ke sayarwa. Ƙwan fitila na zamani mai wat 10 sai ya yi awa ɗari a kunne kafin ya ci yunit ɗaya. Dutsen guga mai wat 1,000 kuwa cikin awa ɗaya zai cinye wannan yunit ɗin. Ke nan dutsen guga ya ninka ƙwai sau ɗari a ƙarfi, amma a takardar maki an ba ƙwai ɗaya, an ba dutsen guga biyu ko uku. Lokacin da aka saba da wannan ma'auni, ƙwayayen da ke ɗakuna masu wat 60 ne ko 100, irin masu zafin nan da ke ƙona hannu. An canza ƙwayaye, ba a canza maki ba.

Kuskuren ya fi fitowa fili idan aka ɗauki gida guda aka bi lissafinsa daki-daki. A ƙaddara wani gida a Maamobi mai ɗakuna biyar. A ɗakin farko akwai wani dattijo mai aikin gadi, yana da ƙwai biyu da fanka ɗaya. Ƙwayayen na yin awa shida a rana, fankar mai wat 60 na yin awa takwas. Jimillar abin da yake sha a wata yunit 18 ne. A ɗaki na biyu akwai malamin makarantar allo mai irin waɗannan kayan, da ƙarin talabijin mai wat 80 da ke yin awa biyar a rana, ya tashi da yunit 30. Ɗaki na uku na magidanci ne da iyalinsa: ƙwai uku, fanka biyu, talabijin, ƙaramin firiji, da dutsen guga da ake jonawa awa biyu a mako don kayan makarantar yara da na Juma'a. Nasu ya kai yunit 90.

Sauran ɗakuna biyun su ne na masu sana'a. Ɗaya na wata mata ce mai sayar da ƙanƙara da zoɓo da ruwan leda mai sanyi. Kayanta ba su da yawa, ƙwai biyu da fanka da tsohuwar firiza guda. Sai dai firizar mai wat 200 ce, kuma saboda ana buɗe ta ana rufewa, ana cusa mata kayan da ba su yi sanyi ba, injinta na aiki awa goma sha takwas a cikin ashirin da huɗu. Ita kaɗai tana cin yunit 108 a wata, ɗakin gaba ɗaya 126. Na ƙarshe tela ne, yana da ƙwai biyu, fanka, keken ɗinki mai mota, da dutsen guga da ke aiki awa biyu kullum. Nasa yunit 90 ne. Idan aka ƙara fitilar tsakar gida da ta bayan gida, waɗanda ke cin yunit 6, gidan ya sha yunit 360 a wata.

Domin lissafi ya yi sauƙi, a ce yunit 300 na farko ana sayar da kowanne sidi 2, abin da ya haura nan kuma sidi 2 da rabi, sannan akwai kuɗin hidima na wata sidi 10. Waɗannan lambobi na misali ne kawai, tun da hukumar PURC mai tsayar da farashi tana sake duba shi lokaci-lokaci, amma siffar farashin haka take: yana hawa mataki-mataki. Kuɗin gidan ya zama sidi 760. A ma'aunin maki, idan firiza ta samu huɗu, dutsen guga biyu, keken ɗinki biyu, gidan na da maki 40, kowane maki sidi 19. Mai gadi zai biya 76, malam 114, magidanci 266, mai ƙanƙara 152, tela 152. Kowa ya biya, mita ta samu kuɗi, an zauna lafiya. Amma mai gadin da ya sha yunit 18 ya biya rabin abin da mai ƙanƙara ta biya, alhali ta ninka shi sau bakwai a shan wuta. Magidancin nan kuma, wanda kowa ke yi wa kallon shi ne mai cinye wutar gida saboda ɗakinsa ya fi cika da kaya, shan wutarsa daidai yake da na tela, amma ya fi tela biya da sidi 114.

Ba nan cutar ta tsaya ba. A tsarin farashin Ghana akwai rangwame na musamman ga mai ƙaramin amfani. A da iyakarsa yunit 50 ce a wata, daga shekarar 2022 aka mayar da ita 30, kuma farashinsa wajen rabin farashin gama-gari ne. An yi shi ne domin irin mai gadin nan da malamin allo. Da kowannensu na da mitarsa, da sun shiga cikin rangwamen. Amma kamfani mita yake gani, ba ɗaki ba, don haka a wurinsa gidan nan mutum ɗaya ne mai shan yunit 360, kamar wani mai hali da ke zaune shi kaɗai a gidansa. Talakan gidan haya ya rasa rangwamen da aka yi dominsa, sannan maƙwabtansa sun tura mitar ta haye matakin tsada, sannan rabon maki ya ɗora masa wani kaso na tsadar. Cuta uku ke nan a kan mutum ɗaya. Ta farko ba ta hannun mazauna gida ba ce, amma biyun ƙarshe suna da ikon gyara su a zama guda.

Gyaran shi ne a daina kallon kuɗin wata a matsayin dunƙule ɗaya, a fasa shi gida uku. Kashi na farko shi ne abin da kowa ke mora daidai: kuɗin hidima da fitilun tsakar gida. A misalin nan sidi 22 ne, a raba biyar, kowa ya ɗauki sidi 4 da pesewa 40. Kashi na biyu shi ne wutar da kowane ɗaki ya sha, a kan farashin ƙasa na sidi 2. Kashi na uku shi ne ƙarin tsada, wato rabin sidi a kan yunit 60 da suka haura 300, wanda ya kama sidi 30. Wannan kashin ne ake yawan mantawa, kuma hukuncinsa a bayyane yake: wanda ya jawo shi ne zai ɗauka. Idan aka raba yunit 300 masu sauƙi ga ɗakuna biyar, kowane ɗaki na da haƙƙin 60. Mai gadi da malam ba su kai nan ba, babu ruwansu da ƙarin. Magidanci da tela kowannensu ya wuce da 30, mai ƙanƙara ta wuce da 66, sai su raba sidi 30 ɗin gwargwadon haka: bakwai, bakwai, da goma sha shida. Da aka haɗa komai, mai gadi ya tashi da sidi 40 da 'yan pesewa, malam 64, magidanci 191, tela 191, mai ƙanƙara 272. Jimilla dai ba ta canza ba, 760 ce. Abin da ya canza shi ne sidi 36 da suka koma aljihun mai gadi a kowane wata, da sidi 120 da suka koma cikin kuɗin jarin ƙanƙara, inda tun asali ya kamata su kasance.

Masu kare rabon maki suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kaya ana ganinsu da ido, amma awowi sai abin da mutum ya faɗa, kuma babu mai faɗin gaskiyar da za ta ƙara masa kuɗi. Hakane. Sai dai mitar da ke bango ita kanta shaida ce, in an san yadda ake tambayarta. A fuskar mita akwai ƙaramar fitila mai ƙiftawa, kusa da ita an rubuta lamba tare da `imp/kWh`, wato yawan ƙiftawar da ke daidai da yunit ɗaya. Idan lambar 1000 ce, sai a kashe komai na gidan, a bar abu ɗaya a kunne, a ƙirga ƙiftawa na tsawon minti shida, a ninka da goma. Abin da ya fito shi ne ainihin wat ɗin da abin ke ja. Firizar da ta sa fitilar ta ƙifta sau ashirin a minti shida, wat 200 take ja, ko me aka rubuta a bayanta. Idan lambar da ke jikin mitar daban ce, sai a daidaita lissafin da ita. Don sanin awowin da injin firiji ke yi kuma, a karanta mita da dare bayan an kashe komai in ban da shi, a sake karantawa da asuba. Wannan aiki na yini guda ne, a gaban kowa, kuma yana kashe gardamar shekara.

Gwajin ya fi muhimmanci a kan firiji da firiza, domin a nan ne maki ya fi yin ƙarya. Firiji biyu masu girma ɗaya na iya bambanta ninki biyu ko fiye a shan wuta, idan ɗaya sabo ne ɗaya kuma tsoho mai sakakkiyar robar ƙofa. Gwamnatin Ghana ta haramta shigo da firijin gwanjo tun 2013 saboda wannan dalili, kuma Hukumar Makamashi ta ƙasar tana sa a liƙa wa sababbi tambarin taurari mai nuna yawan wutar da suke ci a shekara. Amma tsofaffin ba su ɓace ba. An daɗe ana gyara su ana sake sayarwa a kewayen Agbogbloshie da wasu kasuwannin birnin, kuma su ne mai ƙaramin jari ke iya saya. A ƙarƙashin rabon maki, mai tsohuwar firiza ba ta da dalilin canza robar ƙofa ko janye firizar daga jikin bango don ta sha iska, tun da makinta huɗu ne ko ta gyara ko ba ta gyara ba. Maƙwabta ne ke biyan kuɗin sakacin.

Akwai gwaji na biyu da ya kamata a riƙa yi a ƙarshen kowane wata: a kwatanta ƙiyasin gida da abin da mita ta nuna. Idan takarda ta ce 360 mita kuma ta ce 370, babu damuwa, sai a raba ɗan bambancin gwargwadon kason kowa. Haka nan a watannin zafi, daga Fabrairu zuwa Afrilu, dole lamba ta tashi saboda fanka ba ta hutawa. Amma idan takarda ta ce 360 mita ta ce 430 ba tare da sauyin yanayi ba, to akwai abin da ba a rubuta ba. Galibi abu ne mai dumama: butar lantarki, ko ƙarfen dafa ruwa da ake tsomawa a bokiti, ko murhun lantarki da ake turawa ƙarƙashin gado idan masu ƙirga sun shigo. Buta mai wat 2,000 da ake jonawa minti goma sha biyar kullum tana cin yunit 15 a wata, wato kusan duk abin da mai gadi ke sha. Wani lokacin kuma waya ce aka ja ta bayan gida zuwa shagon da ke bakin lungu. Rabon maki ba zai taɓa tona wannan ba, domin ba shi da wata lamba da ake sa ran gani, balle a lura an wuce ta.

Ita kuma dabarar karɓa-karɓa, inda kowane ɗaki ke saka wa mita kuɗi idan layi ya zo kansa, ta fi kowacce muni duk da kamar adalci da take yi a ido. Sidi ɗari na farkon wata da sidi ɗari na ƙarshen wata ba wuta ɗaya suke saye ba, tun da a ƙarshen wata gidan ya riga ya haye matakin tsada, kuɗin hidima kuma sau ɗaya ake cire shi, a kan wanda ya faɗa wa. Abin da ya dace shi ne asusu ɗaya a hannun mutum ɗaya da aka amince da shi, kowa ya zuba kasonsa a farkon wata, a riƙa saye daga ciki, a rubuta kwanan wata da adadi a littafi, a nuna rasit ko saƙon waya ga duk mai son gani. Ya kyautu ma'ajin ya kasance ɗan haya, ba mai gida ba, musamman idan mai gidan na zaune a ciki yana shan wuta daga mitar. Ba zargi ba ne. Wanda ke da ikon korar mutum daga ɗaki ba a iya tambayarsa lissafi cikin sakin jiki. A littafin nan ne kuma za a rubuta hukuncin wanda ya yi tafiya: idan malam ya rufe ɗaki ya tafi arewa wata guda, kason hidima na kansa, kason shan wuta ya faɗi.

Hujja mafi nauyi da ake kawowa ba ta lissafi ba ce, ta zumunci ce. Za a ce matar nan mai ƙanƙara wataƙila bazawara ce mai riƙon marayu, ƙarin sidi 120 zai iya karya mata jari, kuma zaman zango an gina shi ne a kan ɗaukar nauyin juna. Wannan magana ce da ba a yi mata gatsali. Amma taimako yana da sharaɗi: mai bayarwa ya san yana bayarwa, kuma ya yarda. A rabon maki, mai gadin da albashinsa ya fi na kowa ƙanƙanta shi ne ke tallafa wa sana'ar wani, bai sani ba, ba a gode masa ba. Idan aka yi lissafi na gaskiya aka ajiye lambobi a gaban kowa, babu abin da zai hana magidanci ko tela ya ce, Hajiya, bar sidi talatin a kaina. Wannan ya zama alheri da aka yi da buɗaɗɗen ido, kuma ya fito daga aljihun da zai iya ɗauka.

Gidan da ke da hali na iya tsallake ƙiyasi gaba ɗaya ta hanyar sanya ƙaramar mitar ƙirga a kan wayar da ta shiga kowane ɗaki. Ba ta sayen wuta, ƙirga kawai take yi, sai a karanta ta ranar ɗaya ga wata. In kuɗi bai isa a yi wa kowa ba, a fara da ɗakunan masu sana'a, domin a nan ne kuskuren ƙiyasi ya fi tsada. Sai dai tana da iyakarta. A tsofaffin gidaje da yawa waya ɗaya ce ke ratsa ɗakuna uku, ba a iya ware ɗaki sai an sake jan waya, kuma aikin na ma'aikacin lantarki ne mai lasisi, ba na yaron unguwa mai filaya ba. Jimillar ƙananan mitocin kuma ba ta cika yin daidai da babbar ba, sai an raba ɗan gibin. Sannan ko da an sanya su, kamfani har yanzu mutum ɗaya yake gani, rangwamen mai ƙaramin amfani bai dawo ba. Wannan sai ɗaki ya samu mitarsa ta kansa daga ECG, abin da ke buƙatar yardar mai gida da gyaran waya da kuɗin nema, kuma ɗan hayar da bai san ko zai kai baɗi a ɗakin ba da wuya ya zuba kuɗinsa a bangon wani. Kafin a kai can, abin da gidan Maamobi ke buƙata littafi ne mai layi, da agogon waya, da wata Asabar da kowa ke gida, a kashe komai a tsaya gaban mita a fara da firiza.